Rigar Ledar Alƙalin Wasa

Shekara ashirin yana busa usur a filin ƙwallon unguwa, har 'ya'yansa ma Alƙali suke ce masa. Bana aka ce ko ya ci gwajin gudu, ko ya ajiye usur. Sai ya shiga zagaya filin sanye da rigar leda, ba ya shan ruwa, wai don tumbi ya narke.

Ranar da aka wayi gari da zafi mai ɗanko, wanda gumi ba ya bushewa, ya dawo gida da jiri da ciwon kai, zuciyarsa na tashi, jikinsa sharkaf kuma da sanyi.

Ƙanwarsa, ma'aikaciyar jinya, ta tuɓe masa rigar, ta kwantar da shi a inuwa, ta ɗaga ƙafafunsa, tana shafa masa ruwa tana fifita. Ruwan gishiri da sukari ta riƙa ba shi, kurɓi-kurɓi.

“Yaya, ruwan jikinka ka zubar, tumbin yana nan. In rabin awa ya wuce ba sauƙi, sai asibiti.”

Ya farfaɗo. Daga nan da sassafe yake fita, da riga marar nauyi da gorar ruwa. Da ƙyar ya ci gwajin, amma usur na wuyansa.