Dariyar Ta-Falgore

Badamasi yana zaune a ƙofar ɗakinsa yana yanka huhun saniya ƙanana-ƙanana, kamar yadda yake yi kullum da la'asar tun da haƙoran kurarsa suka dushe. Duk Burumburum an san shi da wasan kura. A wajen mahaifinsa ya gaji sana'ar, da sarƙa da takunkumi da magungunan da ake sayarwa bayan wasa. Wannan kurar kuwa tun tana 'yar jinjira aka kawo masa ita daga dajin Falgore, shi ya sa ake kiranta Ta-Falgore. Tare suka zaga kasuwanni har Yako da Badafi, tare kuma suka tsufa.

Ita kaɗai ta tashi. Haka gidansu suka saba, kura ɗaya ake riƙewa. Amma da tsufa ya zo, sai ta ɗauki wata ɗabi'a. Da magariba takan sunkuyar da kai har ƙasa, ta saki dogon kuka mai farawa a ƙasa ya ƙare a sama, ta maimaita, sannan ta tsaya tana saurare. Ba mai amsawa sai karnukan gari.

"Kaɗaici ne," in ji matarsa Hasana. "Kai ma da ba ni a gidan nan, da haka za ka riƙa yi."

Sai ya nemo wata kura, matashiya ƙaƙƙarfa, ya haɗa su a ɗaki ɗaya a bayan gida. Tun daga ranar gidan ya cika da dariya. Da ya zuba nama ya ja ƙofa, sai a ji Ta-Falgore tana ƙyaƙyatawa, hi-hi-hi, har Hasana ta riƙa taya ta daga madafa. Badamasi ya ga tana ramewa, amma ya ɗora wa shekaru.

A wannan la'asar, ya zuba huhun ke nan, sai ga Isa, wani makiyayi daga wajen Doguwa, ya zo karɓar maganin sanyin ƙashi. Suna cikin gaisuwa dariyar ta tashi.

"Ka ji ta ko?" in ji Badamasi. "Tsohuwa ta samu ƙawa."

Isa bai yi murmushi ba. "Malam Badamasi, wace ce mai dariyar a cikinsu?"

"Tawa mana, ta dā."

"To ita ce ba ta ci ba."

"Kai Bafillace, kura za ka koya mini? A hannuna take kwana."

"A hannunka kura guda ce ke kwana. Ni garkensu nake gani a kan mushen shanuna." Ya gyara sandarsa. "Dogon kukan da kura ke yi da magariba kira ne. Cewa take yi ga ni nan, ni ce wance, ku zo. Kowace da muryarta, 'yan'uwanta na gane ta daga nesa. In sun taru kuwa, akwai manya akwai na ƙasa. Babba ba ta cika dariya ba, ci take yi. Wadda aka kora daga nama, ga yunwa ga tsoro, ita ke wannan ƙarar."

Badamasi ya tashi ya nufi ɗakin kurayen, ya leƙa ta ramin ƙofa, abin da bai taɓa yi ba a lokacin ci. Matashiyar na tsaye a kan naman. Ta-Falgore na maƙure a lungu, kunnuwa a kwance, bindi a matse, tana matsowa tana ja da baya, tana dariya.

Ya fito da ita ya kai ta ɗakinsa. A ƙarƙashin gashin cinyarta ya tarar da cizo mai zurfi, ya riga ya ruɓe yana wari. Ya ga irinsa a baya, ya san ba za ta kai kaka ba.

Ya wanke ciwon, ya yanko sabon huhu, ya durƙusa ya miƙa mata. Ta dubi naman, ta dube shi, ta ja da baya, ta yi wata siririyar dariya. Ya san wannan muryar. Ita ce ta riƙa tara masa jama'a a kowace kasuwa, duk sanda ya nuna mata tsoka ya janye, mutane suna tafi suna cewa kura na murna.

Hasana ta tsaya a bakin ƙofa. "Ta ƙi ci?"

"Ba za ta ci ba ina nan."

Ya ajiye kwanon a gabanta, ya kwance mata sarƙar wuya ya rataye a ƙusa. Sannan ya dafa bango ya miƙe, ya fita, ya saki labule a bayansa.