Makon daren Khairiyya

Ɗiyata Khairiyya nas ce kuma ungozoma a ɗakin haihuwa na wani asibiti a Jega. Mijinta Waliyyu direba ne, albasar Aliero yake kaiwa Kudu. Duk makon da aikin dare ya zagayo kanta, ni nake zuwa daga Giwa Tazo in kwana da ɗanta Ummaru, wanda bai bar nono ba.

Bana mijina Malam ya rasu, na shiga takaba, ba ni kwana ko'ina sai ɗakina.

Khairiyya ta samu metiron Hajiya Zubaida, shugabar ɗakin, ta duƙa ta gaishe ta.

"Hajiya, a mayar da ni safe. Ba mai kwana min da yaro."

"Ɗiyata, an riga an raba aikin wata. Da dare ba a barin ɗaki ba ungozoma. Nemo ungozoma irinki da za ta karɓa, ku zo tare in sa hannu."

Ungozomomin ba yawa. Mubina ta yarda ta yi mata makon, bisa sharaɗin Khairiyya ta rama mata da daren Sallah.

Metiron ta sa hannu, ta ɗago kai. "Wannan watan ke nan. Takaba fa ba wata ɗaya ba ce. Na gaba fa?"

Khairiyya ta yi godiya, ta fita.

Da wata ya kama, sai ga ta a Giwa Tazo da Ummaru a goye, da ƙullin kayansa. Ta yaye shi tun lokaci bai yi ba. Ta miƙo min shi, gaban rigarta jiƙe, ta koma tasha.