Takardun Cikin Bokiti

Ƙarfe bakwai da minti ashirin na safe Baba ya leƙo ɗakina ya ce, "Ɗauko takardun mota, Damagaram za mu." An bugo waya cewa jikin kakata, mahaifiyar Umma, ya tsananta, kuma tana ta kiran sunan Umma.

Ni ce mai ajiyar takardu a gidanmu. Tun shekarar da ambaliya ta shigo unguwarmu a Haɗeja ta jiƙa mana komai, na tattara na asali na sa a leda, na rufe a bokiti mai murfi, na ɗora a kan kabad. Fotokwafi muke yawo da shi. Shi na ɗauko ranar, kowace takarda a jere, har na ƙirga su sau biyu.

Ni da Baba da Umma mun wuce Gumel, mun kai Maigatari wajen goma. Da muka isa shingen ɓangaren Nijar, jami'in ya karɓi fayil ɗin yana buɗawa a hankali. Lasisin Baba na gida yana aljihunsa, amma lasisin ƙasa da ƙasa, da shaidar mallakar mota, da katin inshorar ƙetare, duk kwafi ne.

"Alhaji, ina na asali?"

"Ranka ya daɗe, ai duk ɗaya ne. Surukata ce ba lafiya."

"Allah ya ba ta lafiya. Amma ba zan rubuta wa mota takardar shiga a kan hoto ba. Ko motar sata ma tana da fotokwafi."

Bai ɗaga murya ba. Baba ya juyo ya dube ni, ni kuwa na sunkuyar da kai.

Mutane na iya wucewa, mota ce ba za ta wuce ba. Umma ta ɗauki jakarta ta tsallaka da ƙafa, ta shiga motar haya. Ba ranar kasuwa ba ce, motar ba ta cika ba sai bayan azahar. Mu kuma muka tsaya roƙon jami'in har wajen azahar, sannan muka juya Haɗeja ɗauko takardun. Ina kan kujera ina sauko da bokitin wayar Baba ta yi ƙara. Na ji ya yi salati. Umma na hanya a lokacin, ba ta ko kai rabi ba.

Babu wanda ya yi mini faɗa. Na tambayi Baba ko da motarmu ta wuce da mun same ta da rai, ya ce in bar zancen. Na tambayi yayana, ya ce kwana ne ya ƙare.

Sai bayan sadakar arba'in, muna tsintar shinkafa a tsakar gida, na iya tambayar Umma. Ta cire hannunta daga cikin faifai.

"Da mun same ta," ta ce. "Da kamar awa biyu. Amma ƙanwata ta ce tun hantsi ta daina gane mutane, ko na je ba za ta san ni ba ce. Ni dai da na riƙe hannunta."