Wanda Ya Tsawaita Narkewar Ya Fito Ya Faɗa

Ranar Talata mutum uku suka shiga ɗakin tace sauti na gidan rediyo, suka fasa wa ƙanena dodon kunne. Manajan shirye-shirye ne ya nuna musu ƙofar.

Shekara goma sha shida ƙanena yana haɗa muryoyi a ɗakin nan, har abokan aiki suka sa masa suna Kunnuwa. In aka yanke sauti aka liƙa da wani haka kawai, sai ka ji ƙas a mahaɗar. Shi ba ya barin wannan. Yakan sa ƙarshen na farko ya dushe yayin da na biyu ke tasowa, su narke cikin juna, gajere kamar ƙiftawar ido. Ko a gida in na katse shi yakan ce, "Yaya, kin shigo da ƙas."

Ya yi min bayani tun tuni cewa abin da aka yanke bai bar kwamfuta ba, yana nan ɓoye bayan mahaɗar. In ka ja narkewa ta yi tsawo, daga ɓoyayyen nan take cikowa.

An yi hira da shugaban direbobi. Da ya gama, yana zaton an kashe na'ura, sai ya ce game da direbobinsa, "Jakai ne duk, ni nake kora su." Kunnuwa ya yanke daidai bakin zagin, ya sa gajeriyar narkewa zuwa kiɗa, ya tafi cin abinci. Manaja ya zauna a kujerarsa, ya ce kiɗan ya faɗo da gaggawa, ya ja narkewar zuwa daƙiƙa uku, ya tura a watsa ba tare da ya saurara ba. Mai gabatar da shirin tana tsaye a wurin, ita ta gaya min.

Duk gari ya ji "jakai ne duk" yana dushewa a ƙarƙashin kiɗa.

Washegari shugaban ya zo da ƙartinsa biyu. "Wane ɗan iskan ne mai yankan?" Manaja ya ɗaga yatsa. Abin sauraro na kan Kunnuwa, bai ma ji shigowarsu ba. Suka shaƙe shi da wayar abin sauraron, suka buga kansa da tebur sau uku. Shugaban ya mare shi a kunnen hagu har jini ya gangaro kan wuyan rigarsa, yana cewa, "Yanke wannan ma!"

Likita ya ce na hagun ya tafi. Na dama yana ta ƙugi, ba a san ko zai dawo ba. Da kunnuwan nan yake ci da 'ya'ya huɗu. Jiya ya ce min, "Yaya, yi magana ta wannan ɓangaren."

Shugaban, hukuma muka kai shi. Kai kuma manaja, ka zauna gaban makirufon nan, a lokacin shirin nan, ka ce hannunka ne ya ja narkewar, yatsanka ne ya nuna ƙofa. Ka faɗa kai tsaye, ba yanka, ba kiɗa a kai.