Ƙafar Ƙanwata

Ni dai tun ina yarinya an shaide ni da taurin kai, ban kuma taɓa musu ba. Amma a jegon ƙanwata ne aka ce abin nawa ya wuce makaɗi da rawa.

Lokacin ina aiki a ɗakin mata na asibitin Katsina, na zo gida Jibiya hutu. Ƙanwata a Maraɗi take aure, ƙasar Faransi da ke tsallaken iyaka, aka kawo ta goyon ciki a motar gyaɗa. 'Yan duwan, wato kwastan, suka tsare motar a bakin iyaka tun hantsi har rana ta faɗi, ita kuwa tana takure tsakanin buhuna da tsohon ciki, kunya ta hana ta sauka cikin maza. Ba a jima ba ta haihu, haihuwa mai wuya, ta samu ƙari. Sai gwaggonmu, ƙanwar babanmu, wadda ta riƙe mu tun rasuwar innarmu, ta kwantar da ita a gadon ƙasa ana hura wuta a ƙarƙashi. Daga wanka sai kwanciya, gumi kawai take yi.

Bayan suna na yaye zanen da ta rufa da shi. Ƙafar hagu ta yi suntum tun daga sha-raɓa har cinya, ga zafi, ga ciwo, ta dama kuwa lafiya lau.

Na san wannan ƙafar. A ƙafar yayarmu na fara ganinta, ita ma a jego, a wannan ɗakin. Ranar nan ta miƙe za ta wanka, ta dafe ƙirji, numfashi ya gagare ta, kafin a ɗebo ruwa ta cika. Aka ce iska ce ta buge ta. Sai da na shiga asibiti wata sista ta koya mana abin da wani likitan Jamus ya gano tun da daɗewa. Abu uku ke sa jini daskarewa cikin jijiya: ya daina gudu sosai saboda doguwar kwanciya ko zama, ko bangon jijiyar ya ji rauni, ko jinin kansa ya zama mai saurin kamawa, kamar na mai ciki da mai jego. In gudan ya ɓalle daga can cikin ƙafa, jini ne zai ɗauke shi, ya bi da shi ta zuciya, ya je ya toshe hanyar jini a huhu. Ƙanwata duk ukun ta haɗa.

Sai ga Gwaggo da man shanu a ƙoƙo.

"Matsa, ɗiyata, in murza mata. Sanyi ne ya taru."

Na ce, "Gwaggo, ki yi mini aikin gafara, ba mai taɓa ƙafar nan. Katsina za mu."

"Mai jego? Kafin arba'in? Ke, tsoffin garin nan ma a hannuna suka yi jego!"

Na hau bakin gadon, na ɗora ƙafar bisa matashi, na tare ta da jikina. Mata suka cika ɗaki ana salati. Wata ta ce boko ya cinye mini kunya. Na ce ya cinye, Allah ya sa ya ƙoshi. Wallahi tsoro nake ji, amma ko kusa ban gusa ba. Na faɗa musu akwai gudan jini a ciki, murza shi na iya tunkuɗa shi zuwa huhu.

Gwaggo ta tsaya da ƙoƙon a hannu, ta dube ni.

"Yayarki ma na murza mata. Da safen ranar da ta rasu."

Na ce, "Yakan ɓalle da kansa, Gwaggo, ko ba a taɓa ba." Gaskiya na faɗa, amma ba ta ji ni ba. Ta ajiye ƙoƙon ta fita.

Babanmu ya je tasha ya samo mota. A kwance muka ɗauki ƙanwata, ƙafar a sama. Likita ya yi ta yi mata allurar hana jini daskarewa, kumburin ya sace a hankali, ta dawo tana tafiya da jaririyarta a baya. Daga nan duk mai jegon da ta faɗo hannuna sai ta tashi ta taka, ta sha ruwa, ko uwarta za ta zage ni.

Gwaggo ba ta ƙara yi wa kowa tausa ba. Ni ma ba ta ƙara ce mini ɗiyata ba, har ta koma ga Allah "malamar asibiti" take kirana. Abin na yi mini ciwo har yau. Amma da za a mai da ni ɗakin nan, bakin gadon nan zan sake hawa.