Ƙugin da Ke Yin Shiru a Kwana

Ni mutum ne mai surutu, ba sai an faɗa mini ba. Shekarun da na yi ina malamin gona, bakina ne kayan aikina, kuma ko an tashi daga aiki ba na ajiye shi. Gidana a Kabo yake, ofishinmu a Gwarzo, kullum ina kan hanya da wata tsohuwar Golf da na saya hannu na uku. Rediyonta ya mutu tun kafin ta zo hannuna, ban kuwa taɓa jin rashinsa ba.

Ina da aboki mai faci a bakin tashar Kabo, yana kuma sayar da tayoyi 'yan Kwatano. Tare muka yi makarantar allo, tare aka zane mu. Shi shiru-shiru ne, in ya yi maka jimla uku a jere to ranar ka taki sa'a. Duk ranar kasuwar Gwarzo nakan ɗauke shi, ya zauna gaba, ina zuba yana gyaɗa kai har mu isa. Mun fi shekara goma a haka.

Wata damina tayoyina na gaba suka suɗe, ya zaɓo mini biyu masu kyau ya ɗaura. Washegari na kama hanya ni kaɗai. Saboda ɗokin sabon abu na ɗage gilasai, na kasa kunne in ji yadda suke tafiya. Sai na ji ƙugi. Wani wuuu can ƙasa-ƙasa, kamar injin niƙa a bayan gari. In na ƙara wuta ya ƙaru, in na rage ya ragu. Kafin in kai Gwarzo na gama shari'a na yanke hukunci: mutumin nan ya haɗa ni da ruɓaɓɓun tayoyi.

Da na dawo da yamma na tsaya wurinsa. Ya shafa tafin hannunsa a kan zanen tayoyin, gaba da baya, ya ce, "Malam, sumul suke. Taya mai kuka za ka ji ta da tudu da kwari. Wannan boris ne."

Boris shi ne zoben ƙarfen nan mai 'ya'ya a ciki wanda ƙafar mota ke juyawa a kansa. Na san sunansa, amma ranar ban ga dalilin da zai sa a kawo mini shi cikin magana ba. Na ce jiya motata lafiyarta ƙalau, yau ta sami tayoyinka ta kama kuka, sai ka ce boris? Bai ja da ni ba. Ya ɗauko jak, ya mai da sababbin baya, ya dawo da na bayan gaba, ya ce in gwada. Na gwada, ƙugi yana nan. Mai hankali a nan zai tsaya ya yi tunani. Ni kuwa na ce ai ƙugin cika motar yake yi, wa ya san gaba ne ko baya.

Da a nan na tsaya da sauƙi. Amma muna da majalisa a gindin darbejiyar da ke kallon tashar, inda ake zama bayan la'asar, rabin masu zaman kuma direbobin haya ne. A can na baje labarin, har da kwaikwayon ƙugin da baki. Aka yi ta dariya. Na ji daɗin dariyar, washegari na maimaita, na ƙara gishiri. Cikin mako biyu direbobi suka daina sayen taya wurinsa, faci ma sai in ta kama dole. Ya daina zuwa majalisa. Ranar kasuwa na tsaya na yi masa oda, ya ɗago hannu ya ce in je, yana da aiki. Babu ko keke a gabansa.

Abin ya dame ni, gaskiya, amma girman kai ya hana ni saukowa. Uwargidana ta ce, "Malam, ka kai motar nan a duba mana. In kai ke da gaskiya ai ba ta guduwa." Na ce zan kai, don dai in samo hujjar da zan rufe bakin kowa.

Akwai wani dattijon bakanike a Gwarzo, bayan tasha, wanda masu zuwa Lakwaya da Kutama ke kai wa motocinsu. Na same shi da hantsi yana wanke wani ƙarfe a cikin fetur. Muka gaisa, muka tambayi iyali da damina da gajiya, sannan na karanto masa ƙarata tun daga farko. Ya bar ni na gama, abin da ba kowa ke iyawa ba.

Ya ce, "Akwai inda ƙugin yake ɗaukewa?"

Na ce akwai. Doguwar kwanar nan da ke karkata dama kafin a shigo gari, ina shiga cikinta sai ya yi tsit. Na ma riga na gano dalili: kwaltar wurin sabuwa ce, shi ya sa tayoyin ke samun sauƙi.

"To in za ka koma gida fa, a kwanar?"

Na ce a nan ne ma ya fi tsananta.

Ya ajiye ƙarfen ya dube ni. "Malam, kwaltar da safe sabuwa ce, da yamma ta tsufa?"

Ya goge hannu ya ce in ba shi makulli, in zauna gefe, kuma don Allah in ara masa bakina na minti goma.

Muka fita bayan gari inda hanya ta miƙe, ba mota gaba ba mota baya. Ya ɗan ba ta wuta har ƙugin ya fito sosai, sai ya sa ta a firi, injin ya kwanta. Ƙugi bai canza ba. Ya ce to mun cire injin daga zargi, abin yana bin gudun ƙafa ne. Ya mai da giya. Sannan ya karkata sitiyari hagu a hankali, na ji jikina ya jingina da ƙofa, ƙugin ya kumbura har cikin haƙorana. Ya dawo da ita dama, ƙugin ya lafa kamar an toshe masa baki. Hagu, wuuu. Dama, shiru. Haka ya riƙa lilo da mu a hanya, wani mai garma a gona ya tsai da shanunsa yana kallonmu.

Ya ce, "Ka ji? In na yi hagu nauyin mota kan ƙafafun dama yake komawa. Boris ɗin da ya cinye, in ka ɗora masa kaya sai ya yi kuka, in ka sauke masa ya huta. Taya kuwa ba ruwanta da sitiyarinka sosai. Ita da ƙasa take hira: ka hau kwalta mai kaushi ta ɗaga murya, ka hau mai laushi ta sassauta."

Na ce ashe na dama ne ke nan. Ya ce kada in yi saurin yanke hukunci, da alama ina da wannan ciwon. Yawanci haka ne, amma wani lokaci kunne kan yi ƙarya game da ɓangaren, sai an ɗaga an taɓa.

Muka koma gareji. Ya ɗaga ƙafar gaba ta hagu, ya sa na riƙe sifirin ɗin da ke bayan tayar, ya juya ta da ƙarfi. Ban ji komai a hannuna ba. Ya ɗaga ta dama muka yi haka. Nan take na ji wani gurzawa yana bin ƙarfen yana shigowa yatsuna, kamar ana niƙa tsakuwa. Ya kama tayar sama da ƙasa ya girgiza, ta ɗan yi ƙwas-ƙwas. Da ya fitar da boris ɗin, giris ɗin ciki ya bushe ya zama jar laka, hanyar 'ya'yan duk ta yi ramuka. Ya tambaye ni ko ina shiga ruwa da ita. Na tuna kududdufan hanyoyin ƙauye da nake ratsawa duk damina, da yadda nake jefa ƙafar dama gefen titi in babbar mota ta taho.

Ya ce, "Wannan ba ciwon mako biyu ba ne. Ya daɗe. Da ka ƙara masa lokaci, wata rana ƙafar za ta iya kamewa kana cikin gudu." Ya shafa sababbin tayoyin da ke baya, ya ce wanda ya zaɓa mini su yana ƙaunata.

Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba. Da ya sa sabo, na roƙi tsohon boris ɗin, ya zuba mini a leda.

La'asar ta yi mini a Kabo. Na je majalisa da ledata, na miƙa wa direban da ya fi kowa dariya a kwanakin baya, na ce ya juya ya ji. Ya zaga hannu zuwa hannu, kowa ya juya ya ji gurzawar. Na ce duk abin da na faɗa a kan tayoyin nan ƙarya ce na yi wa bawan Allah, kuma tunda a nan na faɗa, a nan zan janye. Suka yi mini tsiya son ransu. Wani ya ce in sake yi musu ƙugin da baki, amma na boris. Na yi musu.

Daga nan na tuƙa motar na tsallaka titi zuwa rumfarsa, duk suna kallo. Na ce ya yafe mini, kuma ya dawo mini da tayoyinsa gaba, inda kowa zai gan su. Ya ɗauko jak. Yana cikin kwance noti wani direba ya gangaro da tayarsa ya jingina a jikin rumfar.

Ranar kasuwa na yi oda, ya fito ya shiga gaba. Na yi niyyar ba zan yi magana ba sai ya yi, na kuwa sha wuya. Muka shiga kwanar nan, shiru. Da yamma muka biyo ta a dawowa, shiru, ba ƙugi. Na kasa haƙuri na ce abin da har yanzu ya ɗaure mini kai shi ne yadda boris ya tashi lalacewa daidai ranar da na sa taya.

Ya ce, "Ba ranar ya fara ba. Tun kafin azumi nake jin sa, a ƙarƙashin ƙafata yake."

Na ce to me ya hana shi gaya mini?

Ya ce, "Na gaya maka sau biyu, Malam. Kana ba da labari."