Na'omi da Layin Sha Biyu

Shekara shida muna buro ɗaya, wato ofis ɗaya, da Na'omi Garba a Yamai, ni ina buga takardu, ita tana lissafi, a wani asusun da ke ba ƴan mata burs, kuɗin karatun lise, babbar sakandare. Ƴar Dogon Dutsi ce, ubanta ɗan noma, kuma burs ɗin ce ta fito da ita daga gona da maki sha shida bisa ashirin. Tana zaune a unguwar Bobiel, tana zuwa aiki bisa wani tsohon moto mai tari. Ba ta iya ƙarya ba, har takan ba ni haushi. In ka tambaye ta ƙarfe nawa, sai ta ce wajen uku ne, amma agogonta yana gudu.

A 2010 damina ta riga ta ci amana, sojoji sun karɓi mulki, masu ba da taimako daga waje sun ɗauke hannu. Aka turo mana Kolonel Sumana ya duba abin da za a rufe don a sayi hatsi. Tambayarsa ɗaya ce: burs ɗin nan tana hana yara barin karatu ko kuwa?

Ƙa'idar asusun ita ce, mai maki sha biyu ta samu, wadda ta gaza ta rasa. Na'omi ta bayyana mini cewa mai sha biyu da ɗigo ɗaya da mai sha ɗaya da ɗigo tara kusan yarinya ɗaya ce, sa'ar rana ce ta raba su. In ƙarshensu ya bambanta, to burs ce ta yi. Sai da ta duba ma ko malamai suna tura ƴan gata su haye layin, ta ga babu cunkoso a kan sha biyun.

Wahalar tana wajen faɗin da za a ɗauka a gefen layin. Da ta matse zuwa rabin maki, yara suka yi kaɗan, lambar ta yi ta rawa. Da maki ɗaya kowane gefe, cikin ɗari ƴan mata huɗu burs ta riƙe, kuma ba wanda zai iya rantsewa cewa ba sifili ba ne. Da ta haɗa kowa daga takwas zuwa sha shida, bambancin ya tashi ashirin da biyar cikin ɗari.

Direktanmu, Malam Lawali, ya ɗora yatsa a kan ta ƙarshen.

"Madam Na'omi, wannan za mu kai."

"Ranka ya daɗe, mai sha shida ko ba burs ta fi mai takwas daɗewa a aji. Ƙoƙarinta muka auna a nan."

"To ki kai huɗu ki kashe mana yara?"

"Huɗun ma ta ƴan bakin layi ce, a shekarun da aka yi ruwa. Ba ta ce komai ba a kan masu sha biyar da sha shida, ba mu da irinsu marasa burs da za mu gwada. Zan rubuta haka."

Ni ma na roƙe ta. Na ce wa zai gane? Ta ce ita za ta gane. Ta rubuta gargaɗin a shafi na uku, ni na buga shi da hannuna, har na ja masa layi.

Kolonel ba mugu ba ne, mutum ne mai garuruwa cikin yunwa a kansa. Ya karanta shafin farko a tsaye, ya ce, "Huɗu cikin ɗari? To, ba ta aiki." Na'omi ta ce, "Ranka ya daɗe, shafi na uku." Ya ce zai duba a mota. Bayan sati biyu aka rufe burs ɗin ga kowa, daga sha biyu har sama.

Wata uku Malam Lawali bai amsa gaisuwarta ba. Ni kuwa na rasa da wa zan yi fushi, sai na yi da ita, don ita ce a kusa.

Da aka koma makaranta a Oktoba, ta ɗauko sunayen masu sha biyar zuwa sama, su sittin da biyu, yawancinsu ƴan ƙauye. Ta riƙa kiran lise ɗaya bayan ɗaya da wayarta. Arba'in da ɗaya ba su dawo ba.

Na ce, "Ga hujja! Tashi ki kai wa Kolonel."

Ta girgiza kai. "Akwai fari a ciki, Asma'u. Ba zan iya raba wadda yunwa ta kora da wadda muka kora ba."

Wallahi na so in mare ta. Sai na ga hawaye suna ɗiga a kan takardar, tana share su da gefen mayafi don kada sunayen su goge. Ta sake ɗaukar waya ta kira wani lise a Tawa, ta tambayi wata Saratu Musa, mai sha shida da rabi. Na ji muryar mutumin da ya ɗauki wayar daga inda nake. Ya ce an ba wata gadonta a ɗakin kwana tun makon jiya.